Gargaɗi Kan Masu Gyaran Manazarta da Ke Ƙirƙirar Lambobin Shafi

Ana jan hankalin ɗalibai masu rubuta kundin digiri game da wasu mutane da ke tallata kansu a zaurukan WhatsApp da shagunan buga takardu na kusa da jami'o'i, suna karɓar kuɗi da alkawarin tsara manazarta bisa ƙa'idar APA. Ha'incinsu ya fi bayyana a kan mujallun da ake wallafawa a intanet kaɗai, domin idan suka tarar maƙala ba ta da shafin farko da na ƙarshe, sai su ƙaga lambobi su cike gurbin, ɗalibi kuwa ya ga layi ya cika ya biya.

Da yawa daga cikin irin waɗannan mujallu ba sa jera shafuka daga maƙala zuwa maƙala. Kowace maƙala tana da lambarta, kuma bugu na 7 na APA ya ce a sa wannan lamba a gurbin shafuka. Ga misali daga mujallar PLOS ONE, wadda ta fara fitowa a 2006, saboda haka juzu'i na 13 shi ne na 2018, fitowa ta 3 kuma ta watan Maris ce:

```
PLOS ONE, 13(3), Article e0193972.
https://doi.org/10.1371/journal.pone.0193972
```

Mai ha'inci zai goge lambar maƙalar ya rubuta wani abu kamar `13(3), 245–260`, ya kuma cire DOI, wato lambar da ke kai mutum kai tsaye ga maƙalar a intanet, don kada a bi sawu. Babu waɗannan shafuka a ko'ina. Wanda ya buɗe PDF ɗin zai ga shafukansa sun fara daga 1, kamar na kowace maƙala a mujallar, shi ya sa ko rubuta adadin shafukan PDF ba ya kai mai karatu ga maƙalar, ko da yake wannan kuskure ne na rashin sani, ba ƙage ba.

Haka suke yi da lambar fitowa. Akwai mujallun da ke da juzu'i da lambar maƙala kawai, kuma ƙa'ida ita ce a bar gurbin fitowa, amma su sai su liƙa lamba a cikin baka don layukan su yi kama da juna.

Kafin a biya, a ɗauki kowace DOI a liƙa ta bayan `https://doi.org/`, a kwatanta juzu'i da fitowa da lambar maƙala da abin da shafin mujallar ya nuna. A PLOS ONE lambar maƙala tana cikin ƙarshen DOI ɗin, kuma fitowa ba ta wuce 12, don haka `13(27)` ƙarya ce tun daga kallon farko. Idan mai gyaran ya ƙi dawo da DOI da ya cire, a karɓe aikin daga hannunsa, domin ranar kare kundi ɗalibi ne za a tambaya inda shafi na 245 yake, kuma sunansa ne a bangon kundin.