Geji mai allura da allo mai lambobi: wanne ya fi aminci a bidiyo?

"Ina da injin ruwan leda a Kakuri, ni kuma ina Kawo. Yarona yana turo min bidiyon gejin famfo da mitar wuta kullum, ina rubutawa a littafi. Wani lokaci abin da na karanta ba ya daidai da abin da ya faɗa. Tsakanin mai allura da mai lambobi, wanne zan fi yarda da shi?"

Alhaji, dukkansu suna ruɗin mutum a bidiyo, amma ba iri ɗaya ba. Allura tana yawan kuskure, sai dai ƙarami ne. Lambobi ba su cika kuskure ba, amma ranar da suka yi, babba ne.

Mu fara da allura. A ce gejin naka daga 0 zuwa 10 bar yake, kuma tsakanin 4 da 5 akwai gida biyar. Kowane gida 0.2 ke nan. In allura ta tsaya a layi na biyu bayan 4, abin rubutawa 4.4 bar. Gidajen za ka ƙirga, ba layukan ba, domin layi huɗu ne ke raba gida biyar, kuma nan mutane da yawa suke zamewa. Yawancin gejin suna da zobe biyu na lambobi, ɗaya bar ɗaya psi. Wannan 4.4 ɗin kusan 64 ne a zoben psi, don haka in yaro yana karanta wani zobe kai kana karanta wani, ba za ku taɓa daidaita ba.

Babbar matsalar ita ce inda mai ɗauka ya tsaya. Allura ba a manne take da fuskar geji ba, akwai ɗan rata. In ya tsaya ta dama, allurar da ke kusa da saman geji za ta yi kamar ta koma hagu, sai 4.4 ta zama 4.2 a idonka. Dakatar da bidiyo ba zai gyara wannan ba, tun wurin ɗauka aka yi ɓarnar. Yadda za ka gane: dubi bakin gejin. In ya fito zagaye sosai, an ɗauka daga gaba. In ya ɗan matse kamar ƙwai, daga gefe ne. Idan kuma famfo yana aiki allura tana rawa, kada ka ɗauki inda ka dakatar kawai. Kalla na ɗan lokaci, ka ga iyakar sama da ta ƙasa, misali 4.2 zuwa 4.6, ka rubuta duka biyun.

Mai lambobi ba ruwansa da zobe ko ƙirga gida. Nasa ciwon daban ne. Irin jan allon nan da ke jikin stabilaiza, ba a lokaci guda lambobinsa suke kunnuwa ba, ɗaya bayan ɗaya suke yi da saurin da ido ba ya kamawa. Waya kuwa yawanci hoto 30 take ɗauka a daƙiƙa, sai ta kama lokacin da wata lamba ta mutu ko ta fito rabi. Kowace lamba da sanda bakwai ake haɗa ta. In sandar tsakiya ta 8 ta ɓace, ta koma 0, wato 228 ya zama 220. Maganinsa a bi bidiyon hoto-hoto. A kwamfuta, cikin manhajar kallon bidiyo ta VLC, maɓallin E yana matsawa gaba hoto ɗaya. Sai ka ga lamba ɗaya ta fito cikakkiya sau uku ko huɗu kafin ka rubuta.

Mitar kati tana da nata. Allonta toka-toka ne, hasken rana yana wanke shi, kuma ɗigo shi ke fara ɓacewa: 48.6 ya zama 486. Sannan wasu mitocin suna juya shafi da kansu, yanzu ragowar yunit, an jima wani abu dabam. In ba ka ga kWh, wato alamar yunit, a gefen lambar ba, ba ka san me ka karanta ba tukuna. Jiya 60 yau 486 ba tare da an sa kati ba, ka san ɗigo ne.

Ni dai na fi yarda da mai lambobi, muddin an bi shi hoto-hoto, domin kuskurensa yana tona kansa in ka dubi na jiya. Na allura kan yi shiru, 4.2 da 4.4 duk suna kama da gaskiya.

Ka ce wa yaron ya tsaya daidai gaban kowanne, ya riƙe waya tsit kamar daƙiƙa goma, ya turo ta WhatsApp a matsayin Document, don turawar da aka saba tana rage kyan hoto. A littafi kuma, kowane layi ya ɗauki rana, lokacin da aka ɗauka, adadi da ma'auni. Wanda bai fito ba ka rubuta "bai fito ba", kada ka cike da na jiya.