Kafin ka sayi manhajar ERP: saiti, ƙarin rubutu, ko sauya tsarin aiki?

ERP manhaja ce da ke haɗa ciniki, sito da lissafin kuɗin kamfani wuri ɗaya. Kada ka zaɓe ta da dogon jerin tambayoyin "tana iya kaza?", domin kowane dillali e zai ce maka. Rubuta ayyukanka yadda suke gudana, daga karɓar oda zuwa fitar kaya da shigowar kuɗi, ka ba dillalin ya gwada su a gabanka da ainihin alƙalumanka. Duk inda manhajar ta tsaya, nan ne giɓi, kuma hanya uku ake cike shi: saita abin da manhajar ta zo da shi, ƙarin rubutu wato a rubuta mata sabon ɓangare, ko sauya tsarin aikinka.

Ɗauki kamfanin da ke raba kayan masarufi ga 'yan sari. Yana sayen taliya katan-katan, yana sayar da katan ko ƙwaya, yana ɗora harajin VAT na kashi 7.5 a kan kayan da dokar Najeriya ta shafa. Wannan duk saiti ne: a shigar da adadin ƙwayar da ke cikin katan, a shigar da harajin. Wanda ya ce sai ya yi maka rubutu na musamman a kan wannan, ka sake dubansa.

Inda ake bambanta shi ne bashi. A ce iyakar bashin wani ɗan sari naira miliyan 5 ce, ana binsa miliyan 4.6, sai ya kawo odar dubu 700. Ya haura da dubu 300. A manhajojin ERP na Odoo da Business Central, yadda suka zo, gargaɗi ne zai fito, ma'aikaci kuma yana iya wucewa. ERPNext kuwa tana hana tabbatar da odar, sai mai matsayin da aka ba wa izini. Idan hanawa kake so, a wata manhajar saiti ne, a wata sai an yi ƙarin aiki. Shi ya sa sai ka gani da idonka.

Ƙarin rubutu ba a biyan kuɗinsa sau ɗaya. Odoo na fitar da sabon zubi duk shekara, Business Central sau biyu, kuma kowane sabuntawa sai an sake gwada abin da aka ƙara, wani lokaci a sake rubuta shi. Odoo Online ma, wato zubin da kamfanin Odoo ke gudanar maka a intanet, ba ta karɓar ƙarin da aka rubuta da yaren kwamfuta na Python, sai ka koma ɗaya dandalin nasu, Odoo.sh, ko ka ɗora ta a kan sabar kamfaninka. Don haka ka nemi farashi biyu a rubuce, na ginawa da na kulawa duk shekara. A ganinmu, abin da doka ta wajabta ko abin da ya bambanta ka da abokan gasa ne kaɗai ya cancanci wannan kuɗin.

Akwai kuma giɓin da ba na manhaja ba. Maigida ya bugo waya, mai sito ya saki kaya, takarda ta biyo baya bayan kwana biyu. Idan aka kunna izinin adadin kaya a manhajar ya sauka ƙasa da sifili don a ɗauki wannan al'ada, lissafin sito da na riba duk za su karkace, kuma za ka gane ne ranar ƙirga, lokacin da katan ɗin da ke kan allo ya saɓa da na ƙasa. Nan tsarin aiki za a sauya: ba takardar fitarwa, ba kaya. Maigidan ya sa hannu a kan wannan kafin a sa hannu a kwangila.