ALP ya kai 900, amma ba a ba karen ko ƙwaya ɗaya ba

Gaisuwa ga malaman dabbobi na wajen Gumel da Maigatari. Abin da ya fi ɗaure min kai a asibitin dabbobi na nan Ingila shi ne yadda likita zai ga lambar gwajin jini ta hau sama, ya ƙi rubuta magani, mai kare kuma ya biya kuɗin ganin likita mai tsada ya tafi bai yi ƙorafi ba.

Wata karya ce 'yar shekara 9, tana cin abincinta lafiya, sai dai yawan shan ruwa. ALP ɗinta 900 inda iyakarsa wajen 150, ALT kuwa 140 inda iyakarsa wajen 100. ALB da TBIL daidai, PCV 45. A gida da tuni an ce ciwon hanta ne, an ɗura mata oksi da maganin ƙarin jini. A nan likitan cewa ya yi a kawo duk abin da ake ba ta, har man shafawa. Sai ga maganin ɗiga wa kunne mai deksametason, wata guda ana sa mata.

Jikin kare yana ƙera wani nau'in ALP na daban idan sitiroyid ya shige shi, ko ta allura ko ta kunne ko ta fata. Fenobabital na farfaɗiya ma yana ɗaga shi, haka ƙashin kwikwiyo mai girma. Saboda haka ALP shi kaɗai ba ya tabbatar da ciwon hanta. ALT ne ke yoyowa daga ƙwayoyin hanta idan sun ji rauni, nata kuwa ko ninki biyu bai kai ba. Aka janye maganin, aka sake gwaji bayan sati shida, ALP ya sauko 300. Da ba a sami sitiroyid a tarihinta ba, fitsari za a fara aunawa, in ya tsinke a nemi cutar Kushin: deksametason miligiram 0.01 kan kowane kilo ta jijiya, a auna kotisol kafin allura, da bayan awa 4, da awa 8.

Ku tuna lambobin nan rauni suke nunawa, ba sa faɗin ko hanta tana aiki. Hantar da ta gama ƙanƙancewa tana iya ba da ALT daidai. Idan ALB da UREA sun yi ƙasa, ko ALT ya ƙi sauka wata biyu, sai a gwada aikin hantar da abin da ake rubutawa `Bile acids`. Kare ya yi awa 12 ba abinci, a ɗebi jini, a ba shi ɗan abinci, a sake ɗiba bayan awa 2. Na biyun in ya haura 25 µmol/L, sikanin ciki ne ke biye. Yanko tsokar hanta shi ne na ƙarshe, kuma sai an duba daskarewar jini, don ciwon hanta yana iya hana jini daskarewa.

Amma kada ku ɗauka komai na nan ya dace da mu. Karen farauta da aka kawo daga ƙauye da dasashi rawaya, kunne cike da kaska, PCV yake bukata kafin komai. In ya faɗi ƙasa da 20, jini ne ke fashewa, sai a shafa ɗigo daga gefen kunne a gilashi, a rina, a nemi babesiya. ALT ɗinsa ya hau ne don hanta ta rasa iska. In PCV lafiya lau amma ga shawara, kada a ɓata kuɗi kan `Bile acids`, an riga an san zai hau. A tambayi abin da ya ci. Ragowar tuwon masarar da ta yi fumfuna da ƙuliƙulin da ya lalace suna ɗauke da afulatoksin, kare kuwa ba ya jure shi. A kuma tambayi ko an ba shi farasitamol, don mafarauci ba zai faɗa ba sai an matsa. Wallahi na yi kewar wannan ciniki na tambaya a inuwar darbejiya ranar Alhamis, nan kowa da fayil ɗinsa yake zuwa.

Inda muke da laifi babba shi ne ɗaukar jini. A zuƙe shi da ƙaramar allura, a jefa kwalba cikin aljihu, a hau acaɓa da tsakar rana zuwa Dutse. Kafin a isa jinin ya fashe, AST ya hau na ƙarya. A bar shi ya daskare minti 30, a raba ruwan sama, a sa shi cikin kula mai ƙanƙara. In AST ya fi ALT a karen da ya yini yana bin zomo, a auna CK tukuna, mai yiwuwa tsoka ce ta gaji.