Jan fanel ɗin L298N: na saya, na sha haushi, amma har yanzu yana kan 'yar motar

Babban ɗana ne aka ba su aikin baje kolin kimiyya a makaranta, ya ce shi 'yar mota zai haɗa mai gaba da baya, mai sauri da tafiyar hawainiya. Ni gyaran waya nake yi, dalma da mita ba baƙina ba ne, don haka na ce ya bar min sayayyar. Na shiga Sabon Gari wurin masu kayan lantarki, na sayo Arduino Uno, da moto biyu masu ruwan ɗorawa irin masu giya da taya, da jan fanel ɗin nan na L298N mai sarrafa moto da kowa ya sani, mai baƙin ƙarfen sanyaya a tsaye kamar mataji. Mai shagon har da buga ƙirji: "Alhaji, wannan amfiya biyu yake ɗauka, ko injin markaɗe ka ɗaura masa zai ja." Na yi dariya na biya. Kuɗin ba wani abu ba ne, duk wanda ya taɓa saye ya san bai kai a tsaya ciniki ba.

Aikin fanel ɗin ba wuya a fahimta. A cikin baƙin guntun akwai abin da ake kira gadar H guda biyu, ɗaya ga kowane moto. Makunnai huɗu ne, biyu a sama wajen wutar batir, biyu a ƙasa wajen GND, moton yana tsakiya kamar sandar harafin H. In ka kunna na sama na hagu da na ƙasa na dama, wuta ta ratsa moton daga hagu zuwa dama, taya ta yi gaba. In ka kunna ɗaya biyun, wutar ta juya, taya ta yi baya. Ƙafafun IN1 da IN2 ne ke zaɓar wannan. Sauri kuma ta ƙafar ENA ake yinsa da PWM, wato Arduino ya riƙa kunnawa yana kashewa kusan sau 490 a daƙiƙa ɗaya, tsawon lokacin kunnawar ne ke nuna yawan ƙarfin da moto zai samu. `analogWrite` na karɓar lamba daga 0 zuwa 255. In ka ba shi 128, rabin lokaci ke nan a kunne.

Daren farko gaba da baya suka yi lafiya lau. Sauri ne ya ƙi, domin na bar 'yar baƙar hular da ke kan ENA a wurinta na laƙa waya ta gefe, ita kuwa hular tana ɗaure ƙafar ne da bolt 5 kai tsaye. Wannan laifina ne, na cire ta, ban ɗora wa kowa ba. Da ma mai shagon ya faɗa min, amma a bar wannan.

Abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne abin da ya biyo baya. Moton nan na bolt 3 zuwa 6 ne, sai na yi lissafin da kowa zai yi, na sa ƙananan batura huɗu sababbi fil, bolt 6 ke nan cif. Yaron ya rubuta 100 don tafiyar sannu. Muka ajiye motar a kan siminti, ƙannensa duk sun zagaye, uwarsu ma ta leƙo daga kicin. Aka kunna. Motar ba ta motsa ba, sai wani siririn kuka take yi, kiii, kamar sauro ya shiga kunne. Ya ɗaga ta sama, tayoyin suka fara juyawa a kasale. Ya ajiye, suka tsaya. Ya kai 150, ta ɗan yi rarrafe ta tsaya a bakin tabarma. Sai a 200 da wani abu ta fara tafiya irin ta mota, a 255 ɗin ma ba wani gudu ba. Ƙaramar cikinsu ta ce, "Baba, mai ne ya ƙare?" Kowa ya fashe da dariya ban da ni da mai aikin, saura kwana huɗu a kai shi makaranta.

Na fara zargin moto. Na cire ɗaya na jona shi kai tsaye da baturan, ya ɗauka da ƙarfi har yana neman ƙwacewa daga hannuna. Ashe ba shi ba ne. Na mayar, na sa lamba 255, na danne tayar kaɗan da yatsa yadda za ta ji nauyi kamar tana ƙasa, na ɗauko mita. A bakin shigar wuta na ga 5.6, baturan sun ɗan sunkuya. A tsakanin OUT1 da OUT2 kuwa, inda moton yake, 3.7 na gani. Na canza igiyar mita na sake aunawa, 3.7 dai. Kusan bolt biyu sun ɓace a cikin fanel ɗin.

Na ɗauka jabu aka sayar min, har na shirya maganar da zan gaya wa mai shagon da safe. Da na nemo takardar bayanin guntun na duba, sai na ga haka aka yi shi. Makunnan cikinsa tsofaffin samfurin taransisto ne, kowanne yana cin kusan bolt ɗaya, kuma wuta dole ta bi ta biyu kafin ta gama zagaye, na sama da na ƙasa. Takardar ta rubuta ƙarara cewa a amfiya 1 asarar daga 1.8 take farawa, tana iya kaiwa 3.2, a amfiya 2 kuwa har 4.9. To ka ga amfiya biyun da mai shago yake tinƙaho da shi. Idan ka ba shi bolt 6 ka nemi amfiya biyu, abin da zai rage wa moton bai isa a ambata ba. Yanzu ka dawo kan lambarmu ta 100. Kashi 39 cikin ɗari ne na lokaci, a lissafi moton yana ganin kamar bolt ɗaya da rabi, ga giya, ga nauyin batura. Wuta na shiga, ba ta isa ta tayar da shi ba, sai wayoyin cikinsa su riƙa karkarwa daidai da bugun PWM ɗin. Kukan sauron da muka ji ke nan. Duk wanda ya ji wannan kukan ga taya a tsaye, ya fara auna OUT1 da OUT2 kafin ya zagi moto.

Akwai ƙari. Fanel ɗin yana da ɗan guntu 78M05 da ke samar wa kansa bolt 5, shi kuma sai ya samu kusan 7 yake aiki daidai. Da bolt 6 ɗina ko biyar ɗin ba ta cika ba. Babu inda aka rubuta wannan a jiki, 12V kawai aka buga kusa da sukurun.

Washegari na fasa wani tsohon batirin kwamfuta a shago na ciro batura samfurin 18650 guda biyu masu rai, na yi caji, na jera su, mita ta nuna 8.2. A cire biyun da fanel ke ci, moto ya samu shida da ɗan kai. Wallahi kamar an canza motar. Na hana yaron wuce 230 don kada mu ƙona moton. Na kuma koya masa dabarar tashi, domin moto yana buƙatar ƙarfi wajen tasowa fiye da wajen ci gaba da tafiya, kamar turin kura:

```
digitalWrite(IN1, HIGH);
digitalWrite(IN2, LOW);
analogWrite(ENA, 255);
delay(100);
analogWrite(ENA, 110);
```

Ka ba shi cikakken ƙarfi na ɗan ƙiftawar ido, sannan ka sauko. Da wannan, 110 ma tana tafiya a nitse ba kuka. A daren nan na yafe wa fanel ɗin. Gaskiya yana da halin kirki: sukurori ne, ba sai ka yi dalma ba, yaro zai iya ɗaurawa ya kwance sau goma. Yana da dayod takwas a jere da ke kare shi daga wutar da moto ke maidowa in an yanke masa. Sau ɗaya wayoyin moton suka taɓa juna a hannun yaron, bai mutu ba. Na ce a raina, da a ce na san shi tun farko, da ba mu yi faɗa ba.

Kwana ɗaya wannan sulhun ya yi. Da muka samu isasshiyar wuta sai na cire batirin Arduino daban, na ciyar da shi daga bolt 5 na fanel ɗin don a rage nauyi. Motar na cikin gudu, yaron ya sa ta koma baya nan take, sai ta yi tsit, fitilar Arduino ta ƙifta, shirin ya faro daga farko. Duk juyawa haka. Dalilin shi ne moton da ke gudu shi ma janareta ne, yana haifar da tasa wutar da ke adawa da ta batir. Idan ka juya gadar yana cikin gudu, wutar tasa sai ta haɗu da ta batir su bi hanya ɗaya, ya ja kusan ninkin abin da yake ja idan an danne shi ya kasa juyawa. Tsofaffin baturana suka durƙusa ƙasa da 7, bolt 5 ta faɗi, Arduino ya suma. Maganin da muka yi shi ne a sa ENA a 0, a jira `delay(200)`, sannan a juya IN1 da IN2. Na ƙara kafasita mai maikirofarad 470 a bakin shigar wuta. Ya daina. Na san wani zai ce ai wannan laifin batir ne da shiri, ba na fanel ba. Na yarda da rabi. Amma da ba ya cinye bolt biyu a banza, da ban shiga neman ƙarin wuta da tsofaffin batura ba tun farko.

Kuma bolt biyun nan ba iska suke bi ba, zafi suke zama. A tafiyar yau da kullum ƙarfen ɗumi kawai yake yi. Amma ranar da motar ta maƙale a ƙafar kujera muna can muna cin tuwo, tayoyi a tsaye wuta na shiga, da na zo na taɓa baƙin ƙarfen sai da na yarfe hannu. Bolt biyu sau amfiya ɗaya wat biyu ne a kowane ɓangare, cajin da na wahala na yi ne ake dafa ƙarfe da shi.

Bayan baje kolin na aika aka kawo min wani fanel ɗin sarrafa moto, TB6612FNG, don in kwatanta. Ɗan mitsitsi ne, bai fi kan babban yatsa ba, makunnansa na zamani ne, jimillar turjiyarsu kusan rabin om. Na jona shi da baturan nan huɗu da suka ba mu kunya, moton ya samu biyar da ɗoriya, kuma ko ɗumi bai yi ba. Iyakarsa amfiya 1.2 a kowane ɓangare, sai ka yi masa dalmar ƙafafu da kanka, kuma in ka manta ba ka ba ƙafar STBY wuta ba zai yi maka shiru kamar matacce. Ga moto ƙarami na bolt 6 shi ya kamata a ce an miƙo min ranar farko, kuma na tabbata mai shagon bai taɓa ɗora mita a kan abin da yake sayarwa ba.

Tauraro uku na ba jan fanel ɗin, na ukun ma don ya jure hannun yara ne. In motonka na bolt 12 ne, bolt biyu ba za su dame ka sosai ba, ka saya. In na bolt 6 ne kuma shi kaɗai ka samu, kada ka ba shi ƙasa da bolt bakwai da rabi. Na ce wa yaron mu cire shi mu sa sabon, ya ce a'a Baba, wannan ya fi kama da injin gaske, malaminsu ma ƙarfen ya fara tambaya. Sabon yana cikin durowar shago tare da matattun allunan waya.