Ƙwayoyin Inna guda bakwai: a niƙa, a koma na ruwa, ko na taunawa?

"Mahaifiyata tana ƙauye wajen Ringim, shekararta 74. Kullum ƙwaya bakwai take sha: nifedifin na hawan jini, kalsiyam, ƙwayar ƙarin jini, folik asid, maltibitamin, bi-kwamflas da kafson man kifi. Kalsiyam da man kifin maƙale mata suke yi, har ta fara ɓoye su ƙarƙashin tabarma. In riƙa niƙa mata ne, ko in sayo na ruwa, ko na taunawa?"

'Yar'uwa, Allah ya ba Inna lafiya. Amsar ba ɗaya ba ce ga duka bakwai ɗin, kowace ƙwaya da hanyar da ta dace da ita.

Niƙawa ita ce mafi sauƙi, ita ce kuma mafi haɗari. Ki duba jikin kwalin nifedifin ɗin. Idan kin ga haruffan SR, XL, CR, MR ko ER, an yi ƙwayar ne ta riƙa sakin maganin a hankali cikin sa'o'i masu yawa. Aka niƙa ta, maganin yini guda zai shiga jiki lokaci ɗaya, jini ya sauka gaba ɗaya, jiri ya ɗebi tsohuwa ta faɗi a bakin rijiya, sannan kafin dare maganin ya ƙare jinin ya sake hawa. Haka nan mai haruffan EC: rufin da ke kanta an yi shi ne don kada ta narke a tumbi. Idan nifedifin ɗin ma yana mata wuya, ki gaya wa likitan da ke duba ta. Akwai amlodifin, ƙaramar ƙwaya ce sau ɗaya a rana, amma shi ne zai yanke ko ta dace da ita. Ƙwayar ƙarin jini ma kada a niƙa ko a tsotsa, sinadarin ƙarfen da ke cikinta yana cin fatar baki da ta maƙogwaro. Man kifi kuwa mai ne a ciki, ba abin da za a niƙa.

Kalsiyam ita ce wadda na taunawa ya fi dacewa da ita, nesa ba kusa ba. Girman ƙwayar ba gangancin kamfani ba ne: sai an dunƙule miligiram 1,250 na kalsiyam kabonet kafin a samu miligiram 500 na kalsiyam tsantsa, don haka babu yadda za a yi ta zama ƙarama. Wadda ake taunawa sinadari ɗaya ce, ƙarfi ɗaya. Idan Inna ba ta da sauran haƙoran tauna, wannan irin ana iya murƙushe ta a cokali a gauraya da koko mai kauri, tun da dama an yi ta ne don a farfasa. Ta sha da abinci, don kabonet na buƙatar ruwan tsamin ciki kafin ya narke, kuma kada ya wuce miligiram 500 a sha ɗaya, jiki ba ya ɗaukar fiye da haka da kyau. Akwai wata da ake jefawa a ruwa ta yi kumfa. Tana da daɗin sha, amma yawancin irinta na ɗauke da sodiyam, wato sinadarin gishiri, ga Inna kuma da hawan jini. Ni ba zan zaɓa mata ita ba. Masu kama da alawar roba kuwa, galibi kalsiyam ɗin cikinsu kaɗan ne, zafin bazara na narkar da su su manne a kwalba, jikoki kuma alawa suke ganinsu.

Na ruwa ya fi amfani wajen ƙarin jini, amma nan ne mutane ke yaudarar kansu. Ƙwayar ƙarin jini ta feros salfet mai miligiram 200 tana ba da kusan miligiram 65 na ƙarfe. Tonik ɗin jini da ake sayarwa a kemis, da yawansu cokali ɗaya bai kai haka ba, sai zaƙi da launi. Ki karanta nawa ne ƙarfen a mililita 5, ki kwatanta da ƙwayar, kuma a auna da murfin awon da ya zo da kwalbar, ba da cokalin gida ba. Yana baƙanta haƙora, sai ta kuskure baki bayan ta sha. Idan tana da ciwon siga, a duba yawan sukarin ciki. Kuma a rataye shi inda yaro ba zai kai ba, domin ƙarfe idan ya yi yawa yana kashe ƙaramin yaro. Sai dai ga abin lura: ƙwayar ƙarin jini ƙarama ce, kuma ba ki ce ita ke maƙale mata ba. Idan tana wuce mata lafiya, a bar ta da ita, ta fi tonik araha.

To, wa ya rubuta mata bakwai ɗin nan? Abin da na saba gani a ƙauyukanmu shi ne likita ya rubuta biyu ko uku, ɗa ya aiko da ɗaya daga Kano, wani ya dawo Umara da kwalba, mai kemis ya ƙara ɗaya. Maltibitamin ya riga ya ƙunshi bitamin B da folik asid, kin ga uku ke nan suna aiki kusan iri ɗaya. Ƙarin jini kuma ba na har abada ba ne. Ana shan sa wasu watanni, a sake gwajin jini, idan ya cika a ci gaba kamar wata uku, sannan a tsaya. Idan kuma bai cika ba, a tsoho sai an nemi inda jinin ke zurarewa, sau da yawa ta ciki ne. Ƙarfe da kalsiyam duka suna sa taurin bayan gida, kuma idan aka sha su tare kalsiyam na hana jiki ɗaukar ƙarfen. Shayi da fura da nono ma haka suke yi masa. Ki zuba duka kwalaye da kwalaben a leda ɗaya ki kai wa likita ko mai harhaɗa magani a asibiti, ki tambaye shi ɗaya bayan ɗaya wace ce dole. Ba mamaki a dawo da uku: na hawan jini a lokacin da aka tsara mata, ƙarin jini da hantsi da ruwa zalla, kalsiyam na taunawa da tuwon dare. Muhimmi dai a bar tazarar awa biyu aƙalla tsakanin ƙarin jinin da kalsiyam ɗin. Na hawan jinin kada a taɓa shi sai da izinin likita.

Waɗanda suka rage, ta sha su tana zaune a miƙe, ba a kishingiɗe ba. Ta fara kurɓar ruwa ta jiƙa baki, don tsufa na rage yawu, balle da hunturu. Ƙwaya ɗaya a lokaci guda, da cikakken kofi. Idan kafso ne, ta sunkuyar da haɓa wajen ƙirji ta haɗiye, domin kafso yawo yake a saman ruwa, ɗaga kai sama da muka saba yi ƙara masa wuya yake. Kada ta kwanta sai bayan rabin awa.

Sannan ki zauna kusa da ita ranar da take cin abinci, ki lura. Idan ƙwaya kaɗai ke ba ta wahala, abin da na faɗa ya isa. Amma idan tana ƙwarewa da ruwa, ko muryarta na canzawa bayan ta sha, ko lomar tuwo na tsaya mata a ƙirji, ko tana ramewa, ko ta taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, to ba girman ƙwaya ba ne matsalar. Ga irin wannan, maganin ruwa mai tsinkewa ya fi ƙwaya haɗari, don yana iya bin hanyar iska ya sauka huhu ya jawo nimoniya. Kada ki sayo tonik, ki kai ta babban asibitin Ringim a duba ta, idan da buƙata su tura ku Dutse ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.