Tallan injin jajjage na jan igiya: sifika ko gwaji a gaban mutane?

"Salamu alaikum 'yan uwa. Na saro kwali biyu na ƙaramin injin jajjagen kayan miya, wanda ake jan igiyarsa. Zan kasa a kasuwar Muda Lawal. In ɗauki muryata a sifika ta riƙa maimaitawa, ko in tsaya ina gwadawa ina bayani da bakina?"

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka yi gwaji da bakinka. Sifika ta maganin ɓera ce da takalman roba, kayan da kowa ya riga ya san amfaninsu. Iyakar abin da za ta yi maka shi ne ta sa a waiwayo.

Wannan injin kuwa, matar da ta saba da turmi da greta ba za ta yarda da shi ba sai ta ga albasa ta dagargaje a idonta. Akwai wani yaro mai irin wannan talla a wajen Wunti, ba ya ma ɗaga murya. Yana ja sau uku sai ya miƙa wa wadda ta fi matsowa, ya ce, "Hajiya, ƙarasa mini." Da ta ja da hannunta ta buɗe murfin, ita ce ke juyawa ta yi wa na bayanta bayani.

Ka shirya maganarka kada ta wuce minti biyu, don mai cefane ba ta da lokacin tsayuwa. Kada ka fara da sunan injin ko ƙasar da aka ƙera shi. Fara da wahalar da ta sani: hawayen albasa, yatsan da greta ke kankarewa, raɗaɗin attaruhu a hannu, ga bulanda a ajiye an ɗauke wuta. Jimla biyu ta isa, kuma kana faɗa hannunka na zuba kaya a kwanon. Idan baki na aiki hannu na zaune, taro watsewa yake.

Abin da za ka zuba shi ne albasa ɗaya madaidaiciya da ka raba huɗu, da tattasai biyu da ka cire musu hanci ka yanka gida uku-uku. Kada ya wuce rabin kwano. In ka cika shi, wuƙar za ta cije, igiyar ta yi tauri, mutane su ga kana kokawa da kayanka. Dafe murfin da tafin hannun hagu, ka ja igiyar a miƙe, gajeren ja mai sauri, kana ƙirgawa da ƙarfi. A ja na biyar ko na shida ka tsaya ka buɗe: "Ga na miyar ganye da wainar ƙwai." Ka rufe ka ƙara kamar goma, ka sake buɗewa: "Ga na dafa-duka." Buɗewa biyun nan su ne tallar, domin sun nuna cewa ita ce ke zaɓar laushin da take so. Tumatir ka bar shi sai an tambaya, ruwa yake saki ya ɓata kwanon, ba a ganin aikin wuƙa. Attaruhu kuma ɗaya tak, in ba haka ba kana buɗe murfi mutane su hau tari.

Kuɗi a ƙarshe, bayan wata ta ja da hannunta. Wanda ya tambaya tun farko ka ce masa, "Alhaji, bari ka ga aikinsa tukuna."

Za a tambaye ka ko yana markaɗa wake na ƙosai. Ka ce a'a kai tsaye. Jajjage yake yi, ba markaɗe ba, kuma busasshiyar citta ko ƙanƙara na dakushe wuƙar. Ka ƙara da cewa kada a ja igiyar har ƙarshenta, kada kuma a jiƙa murfin cikin ruwa, a goge shi kawai, don a cikinsa ƙarfen da ke mayar da igiyar yake. Kasuwa ɗaya kake zama kullum, matar da ka yi wa ƙarya, gobe za ta dawo maka da injin a leda.

Sannan ka kula da inda ka yi sari. Wasu dilolin samfuri mai kyau suke nunawa, na cikin kwali kuma robarsa sirara ce, wuƙar tana lanƙwasuwa da ɗan yatsa. Kafin ka fita, zaro biyar daga wurare daban-daban a kowane kwali, ka ja kowanne sau ashirin. Wanda igiyarsa ba ta koma da kanta ba, ware shi ka mayar musu. Wanda za ka yi gwaji da shi ma daga cikin na sayarwa ka ɗauko, a gaban mutane, ka tanadi bokitin ruwa da tsumma mai tsabta na ɗauraye kwanon bayan kowane zagaye.