Injin wanki mai kilo 7: abin da na gani bayan shekara biyu da canjin boris sau ɗaya

Injin da na saya irin mai buɗewa ta gaba ne, an rubuta kilo 7 a jikinsa, matsarsa kuma tana kai juyi 1200 a minti. Mu bakwai ne a gidan, sai na ɗauka lissafi ya zo daidai. A wanki ba ni da ƙorafi. Yana fitar da dattin wuyan riga, ba ya cin ruwa kamar mai rami biyu da nake da shi a da, kaya kuma na fitowa a matse, awa ɗaya a igiya sun bushe in lokacin hunturu ne. Shekara ɗaya da rabi muna zaman lafiya.

Matsalar ta fara ne da ƙara. Da farko wani gurnani ne can ƙasa-ƙasa idan ya shiga matsa, har na ɗauka ƙasan ɗakin ne bai daidaita ba. Bayan wata biyu ya koma kamar jirgi zai tashi, sai an rufe ƙofa kafin a ji magana a falo. Ranar da na ja shi zan share bayansa na ga ɗigon ruwan tsatsa a kan tayil, na kira mai gyara.

Bai ma kunna shi ba. Ya buɗe ƙofa, ya sa hannu ya juya duron da ake zuba kaya a ciki, muka ji yana gurzawa kamar an zuba tsakuwa. Ya sa hannu a leɓen duron ta sama ya ɗaga, sai ga shi yana motsi shi kaɗai, rumbun robar da ke wajensa bai bi shi ba. Ya ce, "Hajiya, boris ya tafi. Kaya nawa kike zuba masa?" Na ce, "Malam, ai sai ya cika." Ya tambaya ko har da dannawa. Na yi shiru, don ina tuna yadda nake tura ƙofar da gwiwa idan yara sun dawo hutu daga makarantar kwana da buhun wanki.

Da ya kwance bayan injin na fahimci abin. Duron nan ba shi da abin da ya tallafe shi ta gaba, tunda nan ƙofa take. Sandar ƙarfe ɗaya ce ta baya take riƙe da shi, ita kuma tana juyawa a cikin boris guda biyu, da wata roba da suke kira sil a gabansu don kada ruwa ya shiga. Kamar mutum ya miƙe hannu ya riƙe bokiti cike da ruwa ne, kafaɗa ce ke shan wahala. Idan kaya sun yi yawa ba sa samun filin da za su watsu a jikin duron, sai su dunƙule gefe guda. A juyi 1200, wato sau 20 a daƙiƙa ɗaya, rabin kilo kacal da ya rinjaya gefe yana fizgar sandar da ƙarfin da ya kusa kilo 190, kusan buhun shinkafa huɗu. Fizgar nan ce ke sa sandar rawa, rawar ta ci bakin sil, ruwan sabulu ya sulala ya wanke giris, sai tsatsa ta ƙarasa aikin. Ruwan da na gani a tayil daga nan ya fito.

Sai a lokacin na gane ma'anar `UE` da injin yake yawan nuna min yana ƙin matsa. Cewa yake kayan sun karkata. Ni kuwa kashewa nake in sake kunnawa har sai ya haƙura.

Moton ya tsira, amma da ƙyar. Mai gyaran ya nuna min bel ɗin ya yi sheƙi saboda zamewa, ga baƙin gari a ƙarƙashin moton, kabon ɗinsa biyu, wato 'yan sandunan gawayi da ke kai masa wuta, sun cinye sun kusa ƙarewa. Lokacin wanki moto tsayawa yake ya juya hagu, ya tsaya ya juya dama, kuma a kowane tashi ne ya fi jan wuta. Da nauyi ya wuce ƙima sai ya yi zafi, fentin da ke jikin wayoyinsa ya fara gasuwa. Na sha jin wani wari kamar na ƙonanniyar roba, wani lokaci injin ya tsaya cak sai ya huce, ina ta zagin masu wuta.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne duk wannan yana cikin littafin da ya zo da injin, a wani jadawali da ban taɓa buɗewa ba. Kilo 7 ɗin nauyin busassun kaya ne, na auduga, a tsarin `Cotton` kaɗai. Tsarin yadin roba rabin haka aka yarda, na ulu da kaya masu laushi kilo 2. Mai sayarwa bai ce komai a kai ba, kuma a ganina kamata ya yi a buga jadawalin nan a jikin ƙofa.

Na ɗauko sikelin banɗaki. Na hau ni kaɗai, na sake hawa rungume da kayan, na cire na farko daga na biyu. Wankin ranar Asabar da na saba zubawa a tashi ɗaya shi ne kaftani da wando na shadda guda huɗu, wandon jins uku, tawul ɗin wanka uku, zanen gado biyu, atamfofina biyu, da tarin kayan makaranta. Sikeli ya nuna kilo 10 da ɗan ɗoriya. Kaftanan sun kusa kilo 3, jins ɗin kilo 2, tawul ma kusan haka. Wato na zarce da kilo 3 tun kafin ruwa ya taɓa su, kuma tawul idan ya jiƙe ya fi ninka nauyinsa.

Sikeli ma ba shi ne ƙarshe ba. Bargona mai ninki biyu kilo 4 ne, a takarda ya shiga da rara. Amma shi kaɗai yake toshe duron, ya sha ruwa ya zama dunƙule ɗaya, kuma babu abin da ya fi shi girgiza injin. Shi yanzu a baho ake taka shi. Babbar rigar maigida mai aiki ma ba na haɗa ta da komai sai 'yan ƙananan kaya biyu ko uku da za su daidaita ta.

Ba kullum nake awo ba, wa ke da wannan lokacin? Zubawa nake sako-sako ba dannawa, sannan in sa hannu a tsaye a saman kayan. In tafin hannuna ya shiga tsakaninsu da rufin duron yana juyawa, to ya isa. Idan ya fara aiki sai in leƙa ta gilashi. Kayan da ke hawa sama suna faɗowa tim, su ne ke wankuwa. Waɗanda ke zagayawa a manne kamar curin tuwo sun yi yawa, kuma su ne ke fitowa da farin sabulu a ninkinsu.

Na ci sa'a rumbun nawa mai ƙusoshi ne, ya rabu biyu, aka canza boris biyun da sil a yini ɗaya. Akwai waɗanda aka liƙe rumbunsu tun daga kamfani, sai dai a sayi rumbun gaba ɗaya ko a yanka a yi dabara, don haka mai saye ya tambayi wannan tun a shago. Injin ya dawo shiru, wata shida ke nan. Zan iya ce wa gida mai mutum huɗu ya saye shi hankali kwance. Mu bakwai kuwa, da yau zan shiga kasuwa mai kilo 9 ko 10 zan ɗauko. Kafin nan wankin Asabar ya zama zubi biyu, tawul da jins daban, kuma ina rage matsa zuwa 800 duk ranar da kayan suka yi nauyi.